Labarin da Aka Haifa da Tsufansa

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "wai Anti ta tsira?", ku sassauta min. Ku zauna ku ji yadda Alhamis ɗin ta kasance.

Mutum arba'in da ɗaya.

Wata biyu ina bin labarin kamfanin ruwan leda da ke sayar da ruwan da ya faɗi gwaji. Na kwaso takardu, na zauna da iyayen yaran da suka kwanta asibiti, na kai ruwan wani ɗakin gwajin daban ya tabbatar. Ranar Laraba da ƙarfe huɗu aka saki labarin a shafin jaridarmu. Alhamis da safe na ɗaga kai na kalli ƙaton allon da ke bangon ɗakin labarai, wanda ke nuna abin da mutane ke karantawa, sai da na gangara har ƙasa kafin na same shi. Arba'in da ɗaya. A can sama kuwa, akuyar da ta shiga motar haya ta zauna a kujerar gaba tana da mutum dubu tamanin.

Ban ji haushin akuyar ba, ita dai ta yi abin da ta iya.

Ƙarfe tara muka shiga taron safe. Babban editanmu, wanda muke kira Jan Biro a bayan idonsa, yana zaune a kan tebur da kofin shayinsa. Shekara goma rabon da a gyara labari a takarda a gidan nan, amma jan biron yana maƙale a aljihun rigarsa kullum, don kar wani ya manta waye shi.

"Akuya ta riƙe mu jiya," ya ce. "A nemo direban. A nemo mai akuyar. In da hali a ji ta bakin wanda ta zauna kusa da shi."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa mai sa hannu a takardar hutu.

"Ranka ya daɗe, labarin ruwa fa?" na ce.

Ya juyo a hankali.

"Ƴar Bincike. An sake shi ai."

"An sake shi, amma ba ya shafin farko."

"Gurbi uku ne a hannuna a shafin farko. Sauran goma sha biyun inji ne ke cikawa. Ki je ki yi wa injin faɗa."

"A cikin ukun naka nake nema."

"Mutum nawa suka karanta?"

Ya san amsar. So yake in faɗa da bakina a gaban mutane.

"Arba'in da ɗaya."

"To kin ji. Ni ba na tilasta wa jama'a abin da ba sa so. Mai karatu ne sarki a gidan nan."

Wannan magana tasa na tsane ta fiye da komai. Ka kulle abu a ɗaki, ka jefa makullin a aljihu, sannan ka fito ka ce ai babu wanda ya shiga ya gani.

Ba don suna nake wannan naci ba. Takardun gwajin nan Anti ce ta ba ni, ƙawar Ummana tun suna ƴan mata. Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin gwajin kamfanin, yara huɗu ne a wuyanta, mijinta kuma ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Tun da na aika wa kamfanin tambayoyi suka gane daga cikin gida aka fitar da zancen. A ranar Alhamis ɗin da ƙarfe biyu za su kira ma'aikatan ɗakin gwajin su shida, ɗaya bayan ɗaya, gaban kwamiti. Ni kuwa na yi wa Anti alkawari biyu: babu mai jin sunanta, kuma kafin ranar kwamitin gari zai ɗauka, hukuma za ta shigo, babu wanda zai iya taɓa ma'aikaci ko ɗaya.

Ana tashi daga taro na wuce teburin Injiniya. Ba injiniyan komai ba ne, shi ne mai kula da alkaluman masu karatu da dandalin sada zumunta, amma tun da ya taɓa gyara firinta sunan ya bi shi.

"Na san abin da ya kawo ki," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ja kujera."

"Me ya sa inji bai ɗauki labarina ba?"

"Inji ba ya ƙin kowa, hajiyata. Abu uku yake dubawa. Sabo ne? Mutane na dannawa? In sun danna suna tsayawa su karanta? Sa'ar farko ita ce komai. In labari ya yi motsi a cikinta sai ya ɗaga shi sama, a ƙara gani, a ƙara dannawa. In bai motsa ba ya barshi a ƙasa."

"To ta ina za su danna abin da ba su gani ba?"

"Shi ya sa ake tura labari da hannu da farko. Ko gurbin edita, ko ƙararrawa."

Ƙararrawa ita ce saƙon nan da ke faɗowa a wayar duk wanda ya sauke manhajarmu. Sau uku kacal ake buga ta a rana, don in ta yi yawa mutane kashe ta suke yi. Kuma ba a buga ta sai Jan Biro ya ce.

"Jiya wa aka buga wa?"

"Akuya. Sakamakon ƙwallo. Akuya kuma."

"Sau biyu?"

"An samu bidiyo daga baya."



"Dandalin sada zumunta fa? Na ga an saka."

"An saka. Da wane hoto?"

Ya buɗe min. Hoton wata yarinya ce cikin yaran da ruwan ya kwantar, a gadon asibiti, allurar ƙarin ruwa a hannunta. An lulluɓe shi da duhu, da rubutun gargaɗi a kai.

"Injin dandalin yana ganin yaro da allura ya rufe hoton, ya rage mutanen da zai nuna wa. Mabiyanmu sun haura miliyan, bai kai wa ɗari uku ba. Na faɗa wa Jan Biro a saka hoton ledar ruwa. Ya ce wannan ya fi taɓa zuciya."

"Ya san za a rufe?"

"Shi ya koya min."

Injiniya ya leƙa hagu da dama, ya rage murya.

"Amma duk wannan ba shi ya kashe shi ba. Ko babu ƙararrawa, sabon labari yana samun minti talatin a layin 'Sababbi' na shafin farko. Naki ko minti ɗaya bai samu ba."

"Saboda me?"

Ya buɗe manhajar da muke rubutu a ciki, ya shiga tarihin labarin, ya nuna min wani layi da bakin cokalin shayinsa.

Ranar wallafa ta farko: Litinin, 5:12 na yamma.

"Jiya Laraba aka sake shi," na ce.

"Jiya aka cire masa mayafi. Inji ba ya duba ranar da aka bayyana labari, ranar da aka fara danna 'wallafa' yake dubawa. Duk abin da ya wuce awa ashirin da huɗu, tsoho ne a wurinsa. Labarinki ya fito duniya yana da kwana biyu. Ya wuce layin 'Sababbi' tun kafin a gan shi."

"Wa ya danna ranar Litinin?"

Ya matsar da cokalin zuwa gefen layin.

Sunana ne a wurin.

Sai abin ya dawo min. Litinin da yamma Jan Biro ya tsaya a kaina yana cewa lauyan gida yana son karanta labarin, kuma wai linkin duba daftari ba ya buɗe masa a waya. "Wallafa shi a ɓoye kawai," ya ce, "babu mai gani sai wanda aka ba linki. Turo min in tura masa." Na danna, har ina yi masa godiya don ya damu da labarina.

"Ba a gyara ranar?" na tambaya.

"Ana gyarawa. Danna biyu ne. Amma edita kaɗai ke da izini."

"Ka faɗa masa?"

"Jiya da huɗu da minti biyar. Ya ce in bar tarihi yadda yake, canza rana rashin gaskiya ne."

Dariya ta ƙwace min, ba ta daɗi ba. Rashin gaskiya! Mutumin da ya sa aka rubuta "Ba za ka yarda da abin da ya faru ba" a kan labarin gyaran kwalbati.

Na miƙe zan tafi, Injiniya ya riƙe hannun kujerata.

"Zauna. Akwai saura."

Fuskarsa ta canza, babu wasa a cikinta yanzu.

"Arba'in da ɗayan nan, kin duba yaushe suka karanta?"

"A'a."

"Goma sha biyu ne daga jiya zuwa yau. A ciki har da ke, da ni, da wataƙila Ummanki. Ashirin da tara ranar Litinin ne da Talata da safe."

"Lokacin yana ɓoye."

"Lokacin yana ɓoye."

"Lauya ne."

"Lauya sau ɗaya ya buɗe, ga shi nan, minti shida ya yi. Sauran ashirin da takwas ta linkin da aka tura a imel suka shigo. Na'ura goma sha ɗaya, duk a kan layin intanet ɗaya. Ofis ne. Kuma ba namu ba."



Akwai wata al'ada da muke da ita a ɗakin labarai. In majiyarka ta nemi a ɓoye ta, dole edita ya san ko wace ce kafin ya yarda da labarin. Don haka a daftari muna rubuta masa ɗan bayani a saman shafi, mu cire kafin a saki. Ni ma na rubuta nawa. Sunan Anti har da na mahaifinta, muƙaminta, shekarunta a wurin. Na cire shi Talata da hantsi, ina ganin na yi komai a kan lokaci tunda sai Laraba za a saki.

"Buɗe min na ranar Litinin," na ce.

"Na riga na duba."

"Buɗe min!"

Ya buɗe. Yana nan a sama, da manyan baƙaƙe, yadda na rubuta shi.

Ban san lokacin da na tsallake ɗakin ba. Ofishin Jan Biro na gilashi ne, wai don a ga babu abin da yake ɓoyewa. Na tura ƙofar ban ƙwanƙwasa ba. Yana tsaye gaban allonsa yana gwada kanun labari biyu a kan direban motar akuya, rabin masu karatu na ganin ɗaya, rabi na ganin ɗayan, yana jiran wanda zai ci.

"Ba a koya miki sallama ba?"

"Wa ka tura wa linkin ranar Litinin?"

"Lauya."

"Da wa?"

Ya zauna. Ya ciro jan biron ya fara juya shi a yatsu.

"Rufe ƙofar."

"A barta a buɗe. Da wa?"

"Ƙa'idar aiki ce a ji ta bakin wanda ake zargi."

"Na aika musu tambayoyi goma sha huɗu sati biyu da suka wuce. Ba su amsa ko ɗaya ba."

"Kakakinsu ya kira ni. Ya ce ba za su yi magana a kan abin da ba su gani ba."

"Sai ka tura masa labarin gaba ɗaya."

"Na ba su dama."

"Tambaya ake turawa, ranka ya daɗe, ba daftari ba. Wanda ya zo koyon aiki jiya ma ya san wannan. Kai ka faɗa mana da bakinka."

"Ki iya bakinki."

"Ka karanta shi kafin ka tura?"

Ya ci gaba da juya biron.

"Ka buɗe shi ma kuwa? Ka ga abin da ke samansa?"

Biron ya tsaya da juyawa. A nan na gane bai sani ba, kuma wallahi da na same shi mugu da gangan da ya fi min sauƙi. Mutumin da ke zaɓar abin da mutum miliyan za su gani bai karanta layin farko na abin da ya tura ba.

"Bayanin majiya," ya ce a hankali. "Ba ki cire ba?"

"Kai aka rubuta wa. Kai ne za ka gani ka ce a cire."

Na ga lokacin da tsoro ya shiga idonsa, na kuma ga lokacin da ya samu mafita. Bai ɗauki daƙiƙa biyar ba. Ya gyara zama, ya mayar da biron aljihu.

"To. Wa ya wallafa labari da sunan majiya a ciki?"

"Kai ka ce in danna."

"A rubuce?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba.

"Tarihin manhaja ba ya ƙarya, Ƴar Bincike. Sunan wa ke wurin?"

"Allah ya isa."

"Ki bar Allah ya isa, ki saurare ni. Lauyoyinsu sun rubuto Talata. Na auna. In na kashe labarin, gobe ki shiga dandali ki ce an toshe miki baki, a zage ni. In na ɗora shi a sama, mu kwana a kotu shekara uku. Sai na sake shi. Babu harafi ɗaya da na taɓa. Duk mai so ya nema ya karanta."

"Ka sake shi yadda babu mai gani."

"Ban hana kowa ba. Inji ne bai ɗauka ba."

"Kai ka tsufar da shi. Kai ka zaɓi hoton. Kai ka ba akuya ƙararrawa biyu."

"Kowanne a cikinsu hukuncin edita ne, kuma zan iya kare shi a gaban kowa."

Gaskiyarsa ke nan, kuma ita ta fi ba ni ƙyama. Babu inda za ka kama shi. Kowane mataki shi kaɗai yana da hujja, sai ka jera su ne za ka ga ramin da aka haƙa.

Na kalli agogon bango. Sha biyu saura.

"Saura ƙararrawa nawa yau?"

"Ɗaya."

"Ka gyara ranar. Ka saka shi a gurbi na ɗaya. Ka canza hoton. Ka buga ƙararrawar yanzu. In gari ya ɗauka kafin ƙarfe biyu, ko sun san ita ce ba za su kore ta yau ba, idon mutane na kansu."

"Ta ukun ta yamma ce. Lokacin tashi daga aiki aka fi buɗewa."

"Mace ce mai yara huɗu."

"Kowa na da yara."

"Ruwan nan har yanzu ana sayar da shi a bakin titi. Ɗiyarka ma tana iya saya a ƙofar makaranta."

"Ɗiyata da gorarta take zuwa."

Ya faɗe shi ne ba da gatse ba, bayani kawai yake min.

Ya juya ga allonsa. Kanu na biyu ya ci, wanda ke cewa direban ya fashe da kuka. Ya danna ya tabbatar da shi.

"Ki kawo min buƙatarki a taron gobe," ya ce. "Za mu duba."

Na fito. Duk ɗakin sun ji, tunda ƙofar a buɗe take. Mutum goma sha biyar, kowa ya manna ido a kwamfutarsa kamar an ce za a kama wanda ya ɗago. Waɗannan su ne masu rubuta sharhi a kan jarumta duk ƙarshen mako.

Na tsaya a barandar bene na fara kiran Anti, in ce mata kar ta shiga ta musanta, sun riga sun sani. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. A ɗakin gwaji a loka suke ajiye waya. Na kira sau bakwai. Na tura saƙo. Na kira Umma ko tana da lambar wata abokiyar aikinta, Umma ta ce, "Lafiya dai ko? Ba kin ce komai ya tafi daidai ba?" Na ce lafiya lau, na kashe.

Na sauka na tari mota. Kamfanin yana can ƙarshen gari, ga cunkoson rana. Ƙarfe ɗaya da kwata muna tsaye a bayan wata tirela, wayata ta yi ƙara.

Anti.

"Anti! Alhamdulillahi. Kar ki shiga wurinsu, ki jira ni, ina hanya..."

"Na riga na shiga, ƴata."

Muryarta a kwance take, ko rawa babu.

"Ba ƙarfe biyu ba ne?"

"Sun sallami sauran biyar ɗin tun safe, sun ce ba sai sun zo ba. Ni kaɗai aka kira."

Ta ci gaba.

"Na rantse musu ban san ki ba. Na rantse, ƴata, da girmana. Sai manaja ya turo min wata takarda a kan tebur. Ga ta a hannuna, sun ce in tafi da ita tare da ta sallama."

Na ji ƙarar takarda tana buɗewa.

"Gilashina yana loka, amma manyan baƙaƙe ne, ina gani. An rubuta, 'Ga edita kawai, a cire kafin wallafa.' Sai sunana har da na mahaifina."

Direba ya danna hon, tirelar ba ta motsa ba.

"A jaridarku ke kaɗai na faɗa wa sunan mahaifina," Anti ta ce. "Wa ya rubuta wannan?"